Kibiyar Zanen Ba ta Maharbi Ba Ce: Martani kan Karatun Saƙar Abinci

Daga cikin takardun bita da ke yawo a hannun ɗaliban sakandare na ƙasar Zuru gabanin jarrabawar kammala makaranta, akwai wata wadda marubucinta ya keɓe babi guda ga zanen saƙar abinci, wato zanen da ilimin halittu ke amfani da shi wajen nuna wace halitta ce ke cin wace a wani muhalli. Ana kiran sa saƙa ne saboda layukansa suna sarƙewa kamar saƙar gizo-gizo, kuma da haka ya bambanta da sarƙar abinci, wadda layi ɗaya ne miƙaƙƙe, daga tsiro zuwa mai cin tsiro zuwa mai cin wannan. Niyyar marubucin ta sauƙaƙa wa ɗalibi abar yabo ce, amma sauƙin da ya kawo ya taɓa jigon ma'anar zanen, don haka bai kamata a bar shi ba tare da martani ba, musamman a ƙasar da mafi yawan iyayen ɗalibai manoma ne, kuma wasu daga cikin ɗaliban za su wuce Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a shekarar 2020.

Ra'ayin nasa yana tsaye a kan ƙafa uku. Ta farko, yana ganin ya fi dacewa kibiya ta tashi daga mai ci ta nufi abin da ake ci, domin haka harshe yake tafiya idan an ce maciji ya ci ɓera, kuma haka kibiyar maharbi take barin baka ta nufi nama. Ta biyu, yana cewa ko da an juya kibiyar babu wata asara, tunda kowane ɗan ƙauye ya san babba ke cin ƙarami, ba sai zane ya gaya masa ba. Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ƙa'idar da ya ba ɗalibai su haddace: duk lokacin da wani jinsi ya ɓace daga zanen, dukkan abin da ke samansa zai mutu da yunwa, dukkan abin da ke ƙarƙashinsa zai yawaita, abin da kuma babu kibiya tsakaninsa da shi babu abin da zai same shi. Adalci ya wajabta a ce ba da wasa ya yi waɗannan maganganu ba, domin ta farko tana da madogara a harshe, ta ukun kuma tana yin daidai a sarƙa miƙaƙƙiya mai halitta uku. Matsalar ita ce gona ba sarƙa miƙaƙƙiya ba ce.

Domin kada muhawara ta tsaya a kan iska, ya kamata a kafa ta a kan zane guda, na wata gonar dawa irin waɗanda ke kewaye da Dabai ko Ribah a ƙarshen damina, lokacin da zangarniya ta fara nuna. An taƙaita halittun zuwa takwas, kibiyoyin kuma goma sha ɗaya:

dawa → fara, dawa → ɓera
ciyawa → fara, ciyawa → ɓera
fara → ƙadangare
ɓera → maciji, ɓera → mujiya, ɓera → shaho
ƙadangare → maciji, ƙadangare → shaho
maciji → shaho

Abin da kibiya ke ɗauke da shi

Kuskuren farko ya samo asali ne daga ɗaukar kibiyar zane a matsayin hoton farauta, alhali hoton tafiyar abinci ce. Tsiro yana kama hasken rana da ganyensa, ya haɗa ruwa da iskar da yake shaƙa ya ƙera sukari, kuma a cikin sukarin nan ne kuzarin rana yake ajiye, wato ƙarfin da kowace halitta ke buƙata don motsi da girma da haihuwa. Idan fara ta ci ganyen dawa, wani kaso na kuzarin ya bar dawa ya shiga jikin fara, idan ƙadangare ya haɗiye fara ya sake matsawa gaba. Kibiyar tana bin wannan tafiya ce, saboda haka wutsiyarta na wurin abincin, tsininta na wurin cikin da abincin ya faɗa. Wanda yake son ya karanta ta da Hausa ba tare da ya ruɗe ba, sai ya bar kalmar "ya ci" ya ɗauki "ya shiga cikin": dawa ta shiga cikin ɓera, ɓera ya shiga cikin mujiya. Da wannan ƙaramin sauyi, hujjar harshe da marubucin ya dogara da ita ta koma goyon bayan ɗaya ɓangaren.

Gaskiya ne cewa alkiblar kibiya yarjejeniya ce, kuma akan sami wasu masu bincike da ke zana tasu daga mai ci zuwa abin ci, su bayyana hakan a gefen zanen. Amma yarjejeniyar da littattafan sakandare ke bi, wadda ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO zai tarar a gabansa, ita ce ta tafiyar kuzari, kuma ba a zaɓe ta don ado ba. A shekarar 1942 aka buga binciken Raymond Lindeman, wanda ya yi a wani ƙaramin tafki na jihar Minnesota ta Amurka, inda ya nuna cewa kuzari yana raguwa ƙwarai daga mataki zuwa mataki na ci. Daga wannan aiki ne aka samo ƙiyasin da ake koyarwa, cewa kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ke tsallakawa zuwa mataki na gaba, sauran kuwa yana ƙarewa a numfashi da motsi da zafin jiki da kashi da sassan da ba a ci ba. Ƙiyasi ne, yakan haura ko ya gaza gwargwadon halitta da muhalli, amma raguwar kanta ba ta da makawa.

A gwada wannan ƙiyasi a zanen gonar. Idan ganyen dawa ya tara kilojul 10,000, kilojul kuwa ma'aunin kuzari ne, to abin da zai zama jikin fara kimanin 1,000 ne, na ƙadangare 100, na maciji 10, na shaho 1 tak. Idan kuwa shahon ya ɗauki gajeriyar hanya ya ci ɓeran da ya ci dawa, abin da zai isa gare shi daga adadin nan 100 ne. Wannan lissafi ne ke bayyana dalilin da ya sa ake ganin fara ba adadi a gona amma shaho ɗaya ko biyu ne ke shawagi a samanta, kuma shi ne dalilin da ya sa sarƙar abinci ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba. To a juya kibiyoyin yadda marubucin yake so, a miƙa wa wanda ya san yarjejeniyar ya karanta. Zai tarar da shaho babu kibiyar da ta shiga cikinsa, wato shi ne mai ƙera abinci daga hasken rana, zai tarar da dawa ta zama gawurtacciyar mafarauciya da ke cin fara da ɓera, kuma kilojul 1 ya haifi 10,000. Da gonakin Zuru suna aiki da wannan lissafi, ai da an daɗe da rataye fartanya, an koma kiwon shaho.

Wai kowa ya san babba ke cin ƙarami

Ƙafa ta biyu ta fi ta farko rauni, domin misalan da ke karya ta suna nan a kowace ruga da kowace gona. Kaska ba ta kai ƙwayar wake ba kafin ta ƙoshi, saniya kuwa sai an haɗu ake kayar da ita, amma jinin saniya ne ke shiga cikin kaska, don haka kibiya daga saniya take tashi. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, tsiro ne mai fure ja-ja da ke manne saiwarsa a saiwar dawa yana zuƙe ruwa da abincinta tun kafin ya ɓullo sama, har dawar ta tsumbure. A nan tsiro ne ke cin tsiro, kuma ƙaramin ne ke cin babban. Shin ɗalibin da aka ce masa ya manta da alkiblar kibiya, ya dogara da girman jiki, ina zai sa ƙuduji a zanensa? A ƙarƙashin dawa, a matsayin abincinta?

Akwai kuma inda kibiya ke tafiya gaba ta dawo. Ƙasar Zuru ta san kada, domin kurmin Girmache ya yi suna da kadojin da ke cikin ruwansa. Babban kada yana iya kama guza ya cinye, amma guza ya shahara da tone ramin da kada ta binne ƙwai ya shanye su, har ya haɗa da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe. Tsakanin waɗannan halittu biyu, amsar tambayar wa ke cin wa ta danganta da shekarun kadan, kuma zanen da ya cika sai ya nuna kibiya biyu masu fuskantar juna. Wanda ya goge tsinin kibiya ya bar layi kawai ya goge wannan bayani gaba ɗaya.

Alkiblar tana da wani amfani da ya shafi manomi kai tsaye, domin ba kuzari kaɗai ke bin kibiya ba, guba ma ita take bi. Idan aka zuba maganin ɓera a gefen rumbu, ɓeran da ya ci ba lallai ya mutu nan take ba, wasu magungunan sukan ɗauki kwanaki, kuma a kwanakin nan yana tafiya da kasala, ya zama mafi sauƙin kamu ga mujiya da shaho da maciji. Wanda ya iya karanta zanen zai ɗora yatsa a kan ɓera, ya bi kibiyoyi uku da suka fita daga gare shi, ya san gidaje uku da gubar za ta sauka. Wanda ya koyi juyayyen karatu kuwa zai bi kibiyarsa ya isa ga dawa da ciyawa, ya yi tsammanin nan ne haɗarin yake, alhali masu taya shi gadin rumbu ne ke mutuwa a bayan gida.

Ƙa'idar da ba ta jure gwaji ba

Saura ƙafa ta uku, kuma hanya mafi adalci ta auna ta ita ce a cire halittu ɗaya bayan ɗaya daga zanen, a ga ko abin da ta yi alkawari zai faru. A fara da ƙadangare. Ƙa'idar marubucin ta ce maciji da shaho za su mutu, fara za ta yawaita, mujiya kuwa ba ruwanta. Yawaitar fara ta yi daidai, domin a wannan zane kibiya ɗaya ce ke fita daga fara, kuma an cire mai karɓarta. Amma maciji yana da kibiya biyu masu shiga cikinsa, shaho yana da uku, saboda haka rashin ɗaya ba ya nufin mutuwa, yana nufin komawa ga abin da ya rage, musamman ɓera. Sai ɓera ya shiga tsaka mai wuya ta fuska biyu: mafarauta sun ƙara matsa masa, ga kuma farar da ta yawaita tana rage dawa da ciyawar da yake ci. Idan ɓera ya ragu, su wa za su fi jin jiki? Mujiya da maciji ne, domin bayan cire ƙadangare kowannensu kibiya ɗaya tak ce ke shiga cikinsa, wato ta ɓera. Ga shi nan, mujiyar da ƙa'idar ta wanke ta ce babu abin da zai same ta tana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, waɗanda ta yanke wa hukuncin mutuwa kuwa suna nan da ransu. Sau biyu ƙa'idar ta faɗi a gwaji ɗaya.

A nan ma akwai sharaɗin lokaci da ya kamata ɗalibi ya sani. Abin da aka bayyana shi ne na farkon lamari, na damina ɗaya ko biyu. Idan aka daɗe, ƙarancin abinci zai iya rage yawan macizai da shahuna ta hanyar rage haihuwarsu, kuma idan sun ragu, matsin da ke kan ɓera zai iya sassautawa. Saboda haka amsa mai kyau takan bambanta abin da zai fara faruwa da abin da zai iya biyo baya, bambancin da ƙa'idar haddar ba ta da gurbinsa.

A mayar da ƙadangare, a cire shaho, wanda ke ƙololuwar zanen. Ƙa'idar ta ce dukkan abin da ke ƙarƙashinsa zai yawaita. Maciji zai yawaita, wannan babu gardama, tunda shaho ne kaɗai ke cin sa a zanen. Amma ɓera fa? Hanya ɗaya ta ce zai ƙaru, domin mai ɗauke shi daga sama ya tafi, wata hanyar kuma ta ce zai ragu, domin macijin da ya yawaita shi ma ɓera yake ci. Haka lamarin ƙadangare yake, kuma tunda ba a san makomar ƙadangare ba, ba a san ta fara ba, ba a kuma san ta dawa ba. Wace hanya ce za ta rinjaya? Zanen ba zai faɗa ba, domin kibiya tana nuna cewa akwai ci, ba ta nuna yawan cin. Kibiyar da ke tsakanin ɓera da shaho da wadda ke tsakanin maciji da shaho kaurinsu ɗaya a takarda, alhali mai yiwuwa shahon yana cin ɓera kullum, maciji kuwa sai jefi-jefi. Amsar gaskiya a irin wannan gaɓa ita ce a faɗi hanyoyin biyu, a ce sakamakon ya rataya a kan wadda ta fi ƙarfi, kuma wannan amsa ilimi ce, ba gazawa ba.

Gwaji na uku shi ne ya fi kusa da rayuwar yau da kullum, wato cire maciji, halittar da ba a cika gani a bar ta da rai ba, kuma tsoron da ake yi mata yana da dalili, domin saran maciji yana kashe manoma da makiyaya. Idan ya ɓace, ɓera da ƙadangare duka sun huta da maƙiyi guda. Ƙaruwar ɓera tana cutar dawa a gona da kuma a rumbu, ƙaruwar ƙadangare kuma tana rage fara, wanda hakan ke amfanar dawa. Mujiya, wadda babu kibiya tsakaninta da maciji, ta sami ƙarin abinci, shaho kuma ya rasa kibiya ɗaya amma biyun da suka rage sun yi kauri. Ƙa'idar ta ce shaho zai mutu, fara da dawa su yawaita tare, alhali fara dawa take ci. Ta yaya mai ci da abin ci, da mai cin mai cin, za su yawaita gaba ɗaya saboda kawai an zana su a ƙasan takarda? Tasirin cire mafarauci yana sauka ne yana juyawa: na ƙarƙashinsa ya ƙaru, na ƙarƙashin wannan ya ragu, na ƙarƙashin wancan ya ƙaru.

Kada a ce wannan wasan takarda ne kawai, domin an gwada shi a fili. Tun daga shekarar 1963 masanin halittu Robert Paine ya riƙa cire wata dabbar ruwa da ake kira tauraron teku daga wani yanki na duwatsun gaɓar teku a jihar Washington ta Amurka, ya bar wani yankin yadda yake domin kwatanci, ya kuma buga sakamakon a 1966. Tauraron tekun shi ne babban mafarauci a wurin, saboda haka bisa ƙa'idar marubucin ya kamata duk na ƙarƙashinsa su yalwata. Abin da ya faru shi ne jinsunan wurin sun faɗo daga 15 zuwa 8, domin wata dabba mai ɓawo biyu irin ƙumba, wadda tauraron ke hana ta yaɗuwa, ta mamaye dutsen ta kore sauran. Mafaraucin da ake ɗauka maƙiyinsu ne, ashe shi ne ke tsare musu wurin zama. Daga wannan bincike ne aka fahimci cewa akwai jinsin da tasirinsa ya fi yawansa nesa ba kusa ba, kamar ginshiƙin da idan aka zare shi soro ya rufta, kuma akwai wanda ɓacewarsa ba ta girgiza komai sosai saboda wasu na iya maye gurbinsa. Ƙa'idar da ta yi wa kowane jinsi hukunci ɗaya ba ta iya bambanta su ba.

Kibiyoyin da ba a zana ba

Akwai wani gibi da takardar bitar ba ta ko ambata ba, shi ne cewa kowane zane taƙaitawa ne. Mujiyar gaskiya tana cin ƙananan tsuntsaye da jaba da manyan ƙwari, farar gaskiya kuma balbela da zabo da kwaɗo suna cin ta, har ma da mutane, waɗanda ke soya ta su sayar a kasuwa. A ɗakin jarrabawa, ɗalibi yana amsa tambaya ne bisa kibiyoyin da aka ba shi, ba ya ƙara wadda ba a zana ba, amma a gona wajibi ne ya tuna cewa zanen bai ƙare lissafi ba. Babban abin da aka fi mantawa shi ne matattu, domin duk halittar da ba a ci da rai ba za a ci ta bayan ta mutu, ko ta bakin gara da ƙwayoyin ruɓa, ko ta bakin ungulu.

Labarin ungulu a Indiya ya nuna tsadar wannan mantuwa. Daga farkon shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, wasu jinsunan ungulu uku na ƙasar sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, kuma a 2004 aka tabbatar da cewa sanadin shi ne diklofenak, maganin ciwo da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen dabbar da aka ba shi. Gubar ta bi kibiya daga saniya zuwa ungulu, daidai yadda aka bayyana a sama, har sai da Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Babu abin da ke saman ungulu da zai mutu da yunwa, kuma mushe ba ya haihuwa balle a ce ya yawaita kamar fara, don haka a ma'aunin marubucin ɓacewarta kusan ba komai ba ce. Amma mushen da ya rage a fili ya zama abincin karnukan da ba su da masu su, karnukan suka ƙaru, kuma cizon kare shi ne babbar hanyar da ciwon haukan kare ke shiga jikin mutum. Tsakanin ungulu da kare babu kibiya, abin da ya haɗa su shi ne akushi ɗaya. Ungulun da aka saba gani a kwata da kasuwannin ƙasar Hausa ita ma tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a sahun waɗanda ke gab da ɓacewa, saboda haka tambayar ba ta Indiya kaɗai ba ce.

Abin da ya kamata a koya a maimakon hadda

Marubucin zai iya cewa ɗalibi mai minti biyu a kan tambaya ba shi da lokacin wannan dogon nazari, kuma ƙa'ida gajeriya ta fi babu. Amsar ita ce hanyar daidai ma ba ta da tsawo, tambayoyi huɗu ne a jere. Da farko a nemo halittun da babu kibiyar da ta shiga cikinsu, idan tsirrai ne an riƙe zanen daidai, idan kuwa shaho ne to an juya shi. Na biyu, a rufe jinsin da ya ɓace da yatsa, a bi kibiyoyin da suka fita daga gare shi, a ƙirga kibiyoyi nawa suka rage wa kowane mai cin sa, wanda ba shi da saura yana cikin haɗari, mai saura kuma zai koma kanta. Na uku, a bi kibiyoyin da suka shiga cikinsa, a duba ko abincin nasa yana da wani mai ci, domin wanda ya rasa mai cinsa ɗaya tilo ya fi samun sakewa. Na huɗu, a ƙara taku ɗaya daga kowane canji da aka gano, a nemi waɗanda suke tarayya da shi a abinci ko a maƙiyi, kuma duk inda hanya biyu suka ci karo a faɗi haka ƙarara. A zane mai halitta takwas, wannan bai fi ƙarfin minti biyun ba.

Matsayin wannan martani ke nan: kibiyar saƙar abinci tana tashi daga abinci ta nufi mai ci domin tafiyar kuzari take nunawa, kuma makomar kowace halitta bayan ɓacewar wata ana gano ta ne da ƙirga kibiyoyin da suka rage da bin su taku-taku, ba da duba wanda ke sama da wanda ke ƙasa ba. Ƙa'idar da aka jarraba sau uku a gonar dawa guda ta faɗi sau uku ba ta cancanci a haddace ta ba, komai daɗin faɗarta. Kuma ɗalibin da ya haddace ta ba a takardar jarrabawa kaɗai zai yi amfani da ita ba, domin shi ne gobe za a tambaya ko a zuba guba a gindin rumbu, ko a rushe kogon da mujiya ke kwana. Idan ya amsa da cewa babu kibiya tsakanin mujiya da dawa, ɓera ne zai fi kowa yi wa malaminsa godiya.